Ɗauke ayyuka daga Excel zuwa Jira

"Malam, ayyukanmu kusan 200 suna cikin Excel, za mu koma Jira. Yaya za mu yi kada tarihinsu ya ɓace, da sunan mai kowane aiki da ranar gamawa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. To, tun farko ki san fayil ɗin CSV da Jira ke karɓa, rubutun da ke cikin akwatuna kawai yake ɗauka. Kalar da kuka shafa wa layi, da sharhin da ke maƙale a gefen akwati, da tarihin wa ya canza me, duk a baya suke zama. Saboda haka in ja a wurinku yana nufin "an makara", buɗe masa shafi na tsaye, wato column, ki rubuta shi da kalmomi. Sharhin kuma ki kwashe zuwa shafuka masu suna `Comment`, kowane sharhi da nasa shafin, a jere kwanan wata, mai maganar, sannan maganar, da alamar `;` a tsakani. In ba haka ba, duk za su fito da sunanki da ranar da kika loda. Ranar da aka buɗe aiki ma ki haɗa ta da `Date Created` wajen lodawa.

Kwanan wata kuwa, nan ne ni na taɓa ƙonewa wallahi. Mun rubuta 03/04/2025 muna nufin 3 ga Afrilu, aka karanta shi 4 ga Maris, ayyuka suka fito a makare alhali da sauran lokaci. Ki ƙara shafi ki sa wannan, in ranar tana shafin D:

```
=TEXT(D2,"yyyy-mm-dd")
```

Duk layin da ya ƙi canzawa, Excel bai ɗauke shi a matsayin rana ba, za ki gan shi ma ya jingina hagu a akwatinsa, sai ki gyara da hannu. Wajen lodawa za a tambaye ki tsarin kwanan wata, ki rubuta `yyyy-MM-dd`. Ki kula da manyan MM ɗin nan, don a Jira ƙananan `mm` mintuna ne.

Masu aiki, `Assignee` mutum ɗaya yake ɗauka. Inda aka rubuta "Musa/Hauwa" sai ku zauna ku tsayar da ɗaya. Ki gayyaci kowa ya shiga tukuna, ki sa imel ɗinsa a madadin laƙabi.

Af, na manta, ki ajiye fayil ɗin a `CSV UTF-8`, don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma shirme.

Kada ki loda 200 ɗin kai tsaye. Fara da layi goma, har da masu rana 12 zuwa ƙasa, tunda su ne ke juyewa ba a sani ba. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya ki gwada da Excel ɗin. In sun yi daidai, loda sauran, ki ƙirga adadi, sannan ki kulle tsohon fayil ɗin ya zama na karatu kawai, kada wani ya ci gaba da rubutu a can. Amma kada a goge shi.