Haƙurin kafin ɗaurin aure

"Gwaggo, wata uku da haɗuwarmu, yana so a ɗaura kafin azumi. Baba ya ce a jira kaka, wai mahaƙurci mawadaci. Ba bayan aure ake haƙuri ba?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka. Babanki bai ɓata karin maganar ba, mu ne muka saba ajiye ta sai ranar kai amarya, mu raɗa mata a kunne tana kuka. Wurinta na fari shi ne inda kike yanzu.

Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Lura, ba su ce so yana kawar da laifi ba. Laifin yana nan zaune, idonki ne a rufe, kuma wata uku bai isa ya buɗe shi ba. Wata Bayarabiya da muka zauna masauki ɗaya a Makka ta ce su a wurinsu hali shi ne kyau, haƙuri kuma uban hali. To hali ba ya fitowa a zaure lokacin zance, mutum ya sha turare yana kurɓar gahawar jabana. Sai an gan shi da bashi a kansa, ko ranar da uwarsa ta kwanta ciwo.

Ni da aka zo nemana a nan Gadarif ta Sudan, mahaifina bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ja saurayin gonar riɗi. Ranar biyan 'yan ƙwadago sai ga saurayin yana rage wa wani tsoho kuɗi, wai damminsa ƙanana ne. Da magariba aka mayar masa da kayansa. Na yi kwana uku ban ci tuwo ba, kar ki ɗauka ban san zafin abin ba.

Fulanin Mai Wurno suna kiran haƙuri munyal, su ma sun ce yana dafa dutse, kamar yadda muke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan kam na zaman aure ne: talauci, jinkirin haihuwa, zo mu zauna zo mu saɓa. Amma ban yarda a jawo karin maganar a rufe bakin matar da ake duka ko ake hana wa abinci ba. Wanda ya karanta miki ita a kan haka, ki zo ki gaya mini.

Jiran ma yana da iyaka, kin dai san riɗi. A yanke shi ɗanye, ƙwayar ba ta cika ba. A bar shi ya wuce lokaci, kwanson ya tsage ya zube a ƙasa. Shi ya sa na ji daɗi da babanki ya ambaci kaka, bai ce "sai wani lokaci" ba. Kafin nan kawunki zai je unguwarsu ya tambayi maƙwabta da abokan cinikinsa, ni kuma zan shiga wurin mata in ji yadda yake da ƙannensa. Ki aiko mini da sunan kakarsa ta wajen uwa, da garin da suka taso.