Wasiƙar rage ma'aikata: me zan rubuta a ciki?

"Ina da ƙaramin kamfanin buga takardu a Kano, ciniki ya ja baya, dole na sallami ma'aikata uku. Yaya zan rubuta wasiƙar ba tare da na ci mutuncinsu ba?"

Malam, Allah ya kawo sauƙi. Fara da dalili kai tsaye: aiki ne ya ragu, ba laifin ma'aikacin ba. Kada ka saka ko kalma ɗaya ta zargi, domin hakan zai mayar da ita takardar kora.

Wa'adin sanarwa yana cikin sashe na 11 na Dokar Ƙwadago: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai cika shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya cika shekara biyu bai kai biyar ba, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. In yarjejeniyar aikinsa ta ba da fiye da haka, ita za ka bi. Rubuta ranar ƙarshen aiki ɓaro-ɓaro.

Haƙƙoƙinsa kuwa, a nan ake samun rigima. Jero su da adadi da ranar biya: ragowar albashi, kuɗin hutun da bai ci ba, kuɗin sallama da kuka daidaita a kai. "Za a biya ka haƙƙinka" kawai ba ta isa ba.

Yi masa alƙawarin takardar shaidar aiki, ka gode masa. Ka miƙa wasiƙar sallamar hannu da hannu, bayan lauya ya duba ta.