Wane suna zan sa wa man gyaɗana?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Shekara 3 ina matsar man gyaɗa a Kano ina sayarwa a jarka ba suna, yanzu zan fara zubawa a roba mai lita 1 da galan mai lita 5 in kai kantuna. Sunaye uku nake da su a rai, Albarka, Zallar Gyaɗa, ko Kurciya. Wanne zai fi fitowa a cikin kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya in ni ne duk ukun zan ajiye gefe, amma bari in faɗa miki dalili ɗaya bayan ɗaya dan kar ki ce na yi miki kashin kaji.

Abin da nake fara tambayar duk wanda ya kawo min aikin lakabi shi ne wa zai furta sunan nan a bakin shago? Yawanci ba uwargida ba ce, yaro ne aka aika da kuɗi a hannu, ya bi ta wajen masu ƙwallo ya tsaya kallo, kafin ya isa rabin saƙon ya zube. In sunan bai zauna masa a ka ba cewa zai yi a ba ni man gyaɗa kawai, mai shago kuma ya miƙo wanda ya fi samun riba a kai, kuma kin san a wajenmu kusan duk farin mai man gyaɗa ake ce masa ko da na kwakwar manja ne aka tace ko na waken suya. To sunanki aikinsa kenan, ya hana a musanya miki.

Albarka suna ne mai daɗi amma ya zama na kowa. Ki zaga kasuwar Singa ko Sabon Gari ki ƙirga allunan da aka rubuta Albarka, Alheri, Nagarta, Rahama, daga gidan biredi har fiya wata. Yaro zai riƙe shi tsaf, sai dai mai shago zai ce wace Albarkar, kuma da wuya a ce ba wanda ya riga ki yi masa rajista.

Zallar Gyaɗa kuwa bayani ne ba suna ba. Nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Ofishin rajistar tambarin kasuwanci da ke Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ba ya son ba mutum ɗaya mallakar kalmar da take siffanta kayan kai tsaye, saboda duk mai matsar gyaɗa yana da haƙƙin ya ce nasa zalla ne, haka ma sunan gari tsurarsa kamar Kano ko Dawanau yana ba da wahala. Gobe maƙwabciyarki ta buga Zallar Gyaɗa a robarta ba abin da za ki iya yi. Kar ki yar da kalmar dai, ki sauko da ita ƙasan sunan da ƙananan baƙaƙe, in har da gaske ba gauraye a man. Ga kuma ɗ mai lanƙwasa, masu buga lakabi da yawa injinsu ko salon rubutun da suka zaɓa ba shi da ita, sai ki ga an buga Gyada ko an bar gurbi.

Kurciya ta fi su kusa da hanya dan tana da hoto, kuma mutanenmu da hoto suke kiran kaya, shi ya sa kike jin magi mai tauraro. Amma Hajiya kin manta me ake nufi in an ce an yi wa wane kurciya? Ranar da wata ta ce kar ki sa wa mijinki man kurciya a abinci ya bar gari, shikenan barkwancin ya bi kayanki har abada. Irin wannan ne ya sa na taɓa hana wani sa sunan Kurege, shi yana ganin ai kurege da gyaɗa sun saba, ni kuma ina tuna masa a tatsuniya kurege wayo da cuta aka san shi da su, wa zai yarda da awon mai kurege.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mai kaɗai. A Hausa in kika ce man wani abu ana jin daga jikin abin aka samo shi, man shanu, man kaɗe, man riɗi. To duk sunan da kika zaɓa ki sa masa "man" a gaba ki furta da ƙarfi ki ji. Man Zabo sai ka ce kitsen zabo aka soye. Sunan dabba dai a kan mai sai an yi hattara.

Bari in ɗauki misali ɗaya mu bi shi, a ce Rumbu. Gaɓa 2 ce, baƙaƙe 5, ba ƙ ba ɗ ba ɓ, ɗan kasuwa Bayarabe ko Ibo da zai sari kwali zai iya faɗa ya rubuta a rasit ba kuskure. Man Rumbu bai ba da wata ma'ana ta daban ba, yana da hoto mai sauƙi da za a zana da layi kaɗan, kuma yana kawo amfanin gona a rai ba tare da ya ce gyaɗa ba, dan haka gobe in kin fara ƙuli-ƙuli ko man riɗi zai ɗauke su. Misali na ba ki fa, ban ce ki ruga ki buga ba sai an bincika ko da mai shi.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Ki samu yara 10 na unguwa ki faɗa wa kowanne sunan sau ɗaya, bayan awa ɗaya ki tambaye su, in ƙasa da 8 suka tuna ni a wajena ya faɗi. Sai ki buga lakabin a takarda ki manna a galan, ki roƙi wani mai shago ya jera shi tsakanin su Kings da Power Oil da Mamador, ki ja baya kamar taku 5 ki duba. Man kansa ruwan ɗorawa ne kuma lakabobi da yawa ja ne da kore da ɗorawa, in kika sa rubutu mai ruwan ɗorawa a kai nutsewa zai yi, fari a kan shuɗi mai duhu ya fi fitowa. Gajeren suna kuma yana ba ki damar buga shi ɓaro-ɓaro a robar lita 1 wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, dogo kuwa dole a matse shi ko ya zagaye bayan roba.

Sai batun takardu, a nan ake asarar kuɗi. Rajistar CAC sunan kasuwancinki kawai ta ba ki, ba ta kare sunan da ke jikin roba. Wannan sai rajistar tambari, man girki kuma yana aji na 29, a nan za ki sa lauya ko wakili ya fara bincike. In ya fita fes a shigar, a ba ki takardar amincewa, daga baya a buga a mujallar ofishin a jira wata 2 ko wani zai yi ƙorafi, in an gama rajistar tana shekara 7 sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. NAFDAC za ta nemi shaidar tambarin nan lokacin da za ki yi rajistar man, kuma ki bar wuri a lakabin dan lambarsu da ranar ƙarewa da alamar idon nan ta bitamin A, tunda doka ta wajabta sa shi a man girkin da ake ƙunshewa a sayar. Ki kai sunaye 3 binciken ba ɗaya ba, kuma kar ki ba mai buga lakabi ko sisi sai takardar amincewa ta shigo hannunki.