Hatsi ya yi tsada amma an fi sayensa: ina dokar buƙata ta shiga?

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan uwa. An koya mana cewa idan farashi ya hau, saye yana raguwa, 'seteris faribus'. Amma a nan Maradi, cikin damina hatsi ya fi tsada, kuma lokacin ne mutane suka fi sayensa. Shin wannan doka ba ta aiki a wurinmu ne, ko dai zance ne na takarda?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, dokar kuma tana nan daram. Matsalar tana cikin kalmomin nan biyu na Latin da yawancin ɗalibai ke haddacewa su wuce. Ma'anarsu ita ce: muddin sauran abubuwa suna nan yadda suke. Sharaɗi ne, kuma shi ne rabin dokar. Alfred Marshall, wanda ya yaɗa wannan hanyar tunani a littafinsa na 1890, ya kwatanta ta da killace sauran dalilai wuri guda na ɗan lokaci, kamar yadda ake tsare dabbobi, domin a duba aikin dalili ɗaya kafin a sako na gaba.

To mu ɗauki hatsin. Alƙaluman nan na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. A ce wata rumfar ƴan hatsi ce, P shi ne kuɗin buhu mai kilo 100, wato kamar tiya 40, da jika, Q kuma yawan buhunan da masu saye ke nema a mako. Cikin Nuwamba, bayan an gama girbi:

Q = 500 − 10P

Idan buhu jika 20 ne, za a nemi buhu 300. Idan ya koma jika 25 a cikin wannan makon, mutanen nan dai, aljihunsu ɗaya, rumbunansu cike, za a nemi 250. Abin da dokar ta faɗa ke nan, ba ta ƙara komai ba.

Yanzu mu je Agusta, tsakiyar malka. Rumbunan ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji sun yi ƙasa, manomin da ya kawo hatsi kasuwa a Nuwamba yau shi ne ya zo da ƴar jakarsa yana awon tiya biyu, ga ƴan ƙwadago a gona da za a dama wa fura. Masu saye sun ƙaru, saboda haka a kowane farashi ana neman buhu 150 fiye da na da:

Q = 650 − 10P

Kaya sun yi ƙaranci, buhu ya kai jika 30, an sayi 350. Wanda ya tsaya bakin rumfa da littafinsa zai rubuta: jika 20, buhu 300; jika 30, buhu 350. Sai ya raba, ya ce kowace jika ɗaya da aka ƙara tana jawo ƙarin buhu 5. Nan kuskuren yake. Tambayar da ta dace ita ce: da a ce cikin Agustan buhu yana jika 20, nawa za a nema? Amsa 450. Ashe tsadar ta hana sayen buhu 100, ƙaruwar mabuƙata ce ta rufe wannan raguwa har ta yi rarar 50. Waɗannan buhu 100 ba ka ganinsu a kasuwa, a gida ake ganinsu: tuwon dare ya koma kunu, an koma garin rogo ko masara, mai awon tiya uku ya koma biyu.

Dalilin da ya sa ake sauƙaƙa hoton da gangan ke nan. Lambar 450 ba za ka taɓa ƙirga ta da ido ba, domin Agusta mai jika 20 bai faru ba. Sai da ɗan tsarin lissafi da ya ware farashi daban, ya tattara sauran abubuwa cikin lamba guda (500 ɗin nan da ta koma 650), ake iya fito da ita. Kuma ita ce lambar da ake buƙata in za a yi aiki. Idan OPVN, hukumar da ke kula da rumbunan abinci na ƙasar Nijar, za ta fito da hatsin farashi mai rahusa, abin da ya kamata ta sani shi ne buhu nawa za su sauko da farashi da jika nawa a yanayin da ake ciki, ba bambancin kaka da damina ba.

Akwai alama mai sauƙi ta gane abin da ya motsa. Idan farashi da yawan ciniki sun hau tare ko sun sauka tare, ɓangaren masu saye ne ya fi canzawa, kamar ragon layya ana saura mako guda sallah. Idan ɗaya ya hau ɗayan ya sauka, ɓangaren kaya ne: fari, fara, tsadar gazuwal, ko rufe iyaka. A irin wannan yanayi na biyu ne ake iya auna dokar buƙata da kyau, domin kaya ne suka motsa, masu saye suna nan yadda suke.

A Maradi abin da ya fi ɓata lissafi shi ne naira. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya, naira kuwa tana yawo. In ta faɗi, hatsin Dawanau da Jibiya ya yi araha ga mai sefa, motoci su biyo ta Ɗan Isa su shigo. In ta yi ƙarfi, ƴan kasuwar can su zo su kwashe namu. Duk wanda ya jera farashin shekaru na SIMA, hukumar da ke tattara farashin kasuwannin amfanin gona, bai sa canjin naira a gefe ba, bai kuma ware lokutan da aka rufe iyaka ba, wato daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, to ya haɗa dalilai uku ya kira su da suna ɗaya. Shawarata, ka kwatanta Agusta da Agusta, kasuwa ɗaya, ma'auni ɗaya, domin tiyar ma takan bambanta daga gari zuwa gari. Azumi kuma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka in kana da bayanan shekaru da dama kana iya raba tasirinsa da na damina.

Inda sharaɗin ke karyewa da gaske shi ne inda abin da ka motsa yake jan abin da ka ce ka riƙe. Ka ce kuɗin shigar mai saye bai canza ba, alhali manomin da ke da rarar hatsi, hawan farashin shi ne ƙarin kuɗinsa. Haka nan manomi ɗaya da ya ninka gonar wake zai iya lissafi da farashin bara, domin buhunansa ba sa girgiza kasuwa. Amma in duk yankin Tasawa da Mayahi suka yi wannan lissafin a damina ɗaya, farashin da kowa ya ɗauka a tsaye shi ne zai faɗi da kaka. Lokaci ma haka: cikin mako guda dawa da masara suna iya zama a farashinsu, amma in hatsi ya yi wata biyu yana tsada, masu saye za su koma kan dawa da masarar, su ma su hau. A nan lissafin kasuwa ɗaya ya gaza, sai ka rubuta wa dawa nata layin, ka sa farashin hatsi a cikinsa, ka warware su biyun tare.