An rubuta Barnawa, kaya kuma suna wani gari

"Jama'a, na ga keken ɗinki a Marketplace na Facebook an rubuta Barnawa ta nan Kaduna, na tura kafin alƙalami naira 20,000, sai mai kayan ya ce keken yana wani gari, in ƙaro kuɗin mota. Ta yaya tallarsa ta iso ni a matsayin na kusa, kuma ina zan kai ƙara?"

Malama, Allah ya mayar da alheri. Kada ki ƙara masa ko sisi, kuma kada ki toshe shi tukuna.

Na daɗe ina sayar da kayan gida na hannu ta wannan hanya daga Kawo, kuma abin da masu saye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wurin da ake gani a ƙasan talla mai kayan ne yake zaɓarsa da hannunsa lokacin da yake cike hoto, suna, farashi da rukunin kaya. Ba a tilasta masa ya kasance a unguwar da ya rubuta, saboda haka mutum yana iya zama a wata jiha ya sa Barnawa, gobe ya ɗauki hoton nan ya sa Kano. A ɓangarenki kuwa, manhajar tana ɗaukar wurin da wayarki ta nuna ko garin da kika zaɓa, ta zana da'ira ta wasu kilomitoci kewaye da shi, sannan ta kawo miki tallace-tallacen da suka faɗa ciki. Idan da'irar ƙarama ce, Tudun Wada, Kakuri da Unguwar Rimi za ki riƙa gani. Idan kika faɗaɗa ta zuwa kilomita 100, kayan Zariya ma za su shigo. A cikin waɗannan kuma tana fifita irin abin da kika taɓa nema, wanda ya sa mai neman keken ɗinki take ta cin karo da kekuna. Macuci ya san haka, shi ya sa yake zaɓar unguwar da hankalin mutane zai kwanta da ita, ya karya farashi, ya kuma watsa tallar a zaurukan saye da sayarwa na Kaduna. Wanda kayansa suke Barnawa da gaske ba ya jin nauyin cewa ki zo ki taka keken ki ga ɗinkinsa kafin ki biya.

Batun ƙara kuwa, a fara da tattara shaida, domin da zarar ya ji ƙamshin tonon asiri zai goge tallar ko ya rufe shafinsa. Ki ɗauki hoton tallar, da shafinsa, da hirarku ta Messenger tun daga sallama, da lambar asusun da ya ba ki da sunan da ya fito a kai. A rasidin turawar ki nemi Session ID, lamba ce mai alƙaluma 30 wadda bankuna suke bin sawun kuɗi da ita.

Daga nan bankinki za ki nufa yau ɗin nan, ki shigar da koke a rubuce cewa damfara ce, ki karɓi lambar koken. Su ne za su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga, kuma damar a riƙe kuɗin tana raguwa da kowace sa'a, tunda irin waɗannan mutane sukan cire su nan take a wajen masu POS. Idan mako biyu ya wuce bankin bai yi komai ba, kina da damar kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya.

Sai Facebook. Ki buɗe tallar, ki danna ɗigo uku da ke samanta, ki zaɓi Report listing, ki nuna cewa zamba ce. Ki shiga bayanan mai sayarwar ki yi Report seller, sannan ki kai rahoton hirar a Messenger, bayan haka ki toshe shi. Amfanin wannan shi ne a sauke tallar ko a hana shi sayarwa, wanda zai tsare wata 'yar'uwar, amma ba zai dawo miki da kuɗi ba, domin ta banki kuka yi cinikin, kamfanin bai riƙe ko kwabo ba. Idan a wani zaure kika fara ganin tallar, ki sanar da masu kula da zauren, su sukan fi saurin cirewa.

Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a nan Kaduna, tana kuma karɓar koke a rubuce, haka ma ofishin 'yan sanda na unguwarku. Na san wasu za su ce naira 20,000 ba ta kai a sha wahalar ba, amma ni a ganina ta kai, domin da wuya a ce ke kaɗai kika tura kuɗi cikin wannan asusun. Ki buga hotunan a takarda, ki haɗa da rasidin da lambar koken banki, ki ajiye kwafi ɗaya a gida kafin ki miƙa.