Kuɗin shago da asusun haɗin gwiwa: me zai shiga, me zai tsaya waje?

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da kayan sawa, maigidana kuma ma'aikacin albashi ne. Mun yarda mu riƙa haɗa hannu wajen hidimar gida. Shi yana so mu buɗe asusu ɗaya mu zuba komai a ciki, ni kuma ina tsoron jarina ya narke. Wanne ya fi, asusu ɗaya ko kowa da nasa? Kuma nawa ya kamata mutum ya kashe ba tare da ya faɗa wa ɗan'uwansa ba?

Amsa: Malama, ku buɗe asusun haɗin gwiwar, amma kada cinikin shago ya shiga cikinsa ko sau ɗaya. Kuɗin da ke shigo miki kullum yawancinsa ba naki ba ne, na kayan da za ki sake sarowa ne. Albashin maigida kuwa nasa ne duka. Idan aka zuba su wuri guda, duk wanda ya duba waya zai ga kuɗi jibge ya ɗauka akwai rara, alhali rabinsu na mai ba ki sari ne. Haka jari ke zurarewa ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba.

Saboda haka matakin farko a shago yake. Ki yanka wa kanki albashi. Bari mu ɗauki lissafi na misali, ko da wane irin kuɗi kuke amfani. A ce cinikinki na wata 900,000 ne, kayan da kika sayar kin saro su a 720,000, hayar shago da dako da ladan mai taya ki sun ci 60,000. Ribarki ta gaskiya 120,000 ke nan. To amma kasuwa ba ta tafiya bai ɗaya, wani watan ki samu 170,000, wani watan 70,000. Ki duba littafinki na watanni 12 da suka wuce, ki sa albashinki kusa da watannin da kasuwa ta yi sanyi, kamar 80,000. Abin da ya haura ya zauna a asusun shago, shi zai cike giɓin watan da ciniki ya ja baya. Wannan 80,000 ɗin kaɗai ne kuɗin shigarki a duk maganar da za ku yi da maigida.

Yanzu a ce albashinsa 160,000 ne, hidimar gida kuma tana cin 150,000 a wata, har da abubuwan da ake biya shekara-shekara irin su haya da kuɗin makaranta, waɗanda za ku raba gida 12 ku riƙa tarawa. Tunda kun yarda ku haɗa hannu, sai a duba yadda za a raba. Idan kuka ce rabi da rabi, kowa zai kawo 75,000. Ke za ki tashi da 5,000, shi da 85,000. A baki adalci ne, a aikace kuwa kafin tsakiyar wata hannunki ya koma cikin kuɗin shago. Ni na fi son a raba gwargwadon samu. Kuɗin shigarku a haɗe 240,000 ne, naki kashi ɗaya cikin uku ne, sai ki kawo 50,000, shi ya kawo 100,000. Ki rage da 30,000, shi da 60,000, kuma wannan ragowar ta zauna a asusun kowa na kansa, ba wanda zai nemi bayanin yadda aka kashe ta. Idan kuma ya ce shi zai ɗauki fiye da haka, madalla, a rubuta adadin dai.

Akwai abin da ake tsallakewa a ranar buɗe asusu, mutane su sa hannu a fom ba su karanta ba. Banki zai tambaye ku wa ke da ikon cire kuɗi: ko kowane ɗayanku shi kaɗai, ko sai ku biyun kun sa hannu. Na farkon ya fi sauƙi wajen hidimar yau da kullum, kowa na iya riƙe kati, amma ma'anarsa kowannenku na iya kwashe duk abin da ke ciki, kuma banki ba zai tsaya tantance wa ya zuba nawa ba. Na biyun ya fi tsaro, sai dai yana da jan ƙafa, ya fi dacewa da ajiyar haya ko ta ko-ta-kwana. Idan da hali ku yi duka biyun, ɗaya na kashewa, ɗaya na tarawa. Ku kuma ƙi duk wani tsarin cire kuɗi fiye da abin da ke cikin asusun, domin a yawancin bankuna bashin irin wannan asusu yana hawa kan kowannenku gaba ɗayansa, ko da mutum ɗaya ne ya ci. Kafin ku sa hannu, ku sa ma'aikacin banki ya nuna muku a rubuce abin da zai faru da kuɗin idan ɗaya ya rasu ko aka samu saɓani, don dokar ta bambanta daga wuri zuwa wuri.

Batun iyakar kashewa, kada ku ɗauko adadi daga iska. A cikin 150,000 ɗin nan, a ce 120,000 sun riga sun san inda za su je: abinci, wuta, ruwa, haya, makaranta. Waɗannan ba sa buƙatar shawara duk wata. Sauran 30,000 ne ake faɗa a kansu. Sai ku sa iyaka biyu. Duk sayayyar da ta haura 5,000 a faɗa kafin a cire, ba bayan an cire ba. Sannan jimillar abin da kowa zai cire da ra'ayin kansa kada ta wuce 10,000 a wata. Ta biyun ce ke toshe kafar da ta farkon ta bari, domin wanda ya cire 4,000 sau shida bai karya doka ba, amma 24,000 sun tafi. Taimakon dangi da bayar da rance su ma ku yanke tun yanzu: ko su fito daga aljihun mai dangin, ko ku ware musu kaso a bayyane. Nan ne aka fi samun ɓacin rai, ba a sayen takalmi ba.

Ku sa saƙon banki ya riƙa zuwa wayoyinku duka biyu. Shi ya ba bankinsa umarnin tura kasonsa kai tsaye washegarin albashi, ke kuma ki tsayar da rana guda a wata.

Bayan wata uku ku zauna da bayanin asusun. Idan kuɗin na ƙarewa kafin ranar 20 ga wata, lissafin hidimar ne ya yi kaɗan, a gyara shi. Ke kuma ki ƙirga kayan shago a farashin sari, ki haɗa da kuɗin da ke asusun shago da bashin da kike bin mutane, ki cire wanda ake bin ki. Idan jimillar ta ragu alhali ciniki bai ragu ba, gida na cin jari ta bayan fage, galibi ta hanyar "ba ni kaza daga shago, zan mayar". Duk abin da gida ya karɓa daga shago, kuɗi ne ko kaya, ki rubuta shi a matsayin rance da ranar biya, a kuma biya shi daga asusun haɗin gwiwa kafin ki koma sari.