Me ya sa launin tambari ke ba ni lamba daban-daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani mai kanti ya turo min tsohon tambarinsa da sabuwar takardar tallarsa ta WhatsApp, yana so in mayar da tambarin ya zama kore irin na takardar sak. Amma duk inda na taɓa a koren da Eyedropper a Photoshop, sai in ga lamba daban. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba laifin Photoshop ba ne. A yadda aka saita shi tun asali, Eyedropper ɗigo ɗaya tak yake karantawa, alhali hoton da ke hannunka ya riga ya sha matsa. WhatsApp na rage nauyin hoto ya mayar da shi JPEG, shi kuwa JPEG ba ya barin launi a shimfiɗe. Ido yana ganin kore ɗaya, amma ɗigogin sun ɗan saɓa wa juna.

Lambar heks kashi uku ce, bibbiyu: ja, kore, shuɗi, kowanne daga 00 zuwa FF, wato 0 zuwa 255. A ce ainihin koren kantin #1E7A46 ne. Ma'anarsa ja 30, kore 122, shuɗi 70. Idan ka taɓa tsakiya ka samu #1F7B45, ka matsa kaɗan ka samu #1C7948, ratarsu da ainihin lambar ba ta wuce biyu ba a kowane kashi, wannan ƙurar matsa ce kawai. Amma idan ka ga irin #8FBDA3, to ka taɓa bakin zane ne. A nan ake gauraya koren da farin baya don kada gefen ya yi zarto-zarto, kuma wannan lambar rabin kore ce rabin fari. Duk wanda ya ɗauke ta, tambarinsa zai fito a koɗe.

Kafin ka wahalar da kanka, ka tambayi mai kantin wanda ya tsara masa takardar. Ni dai wannan nake fara yi ko da yaushe, domin lambar da mai zane ya rubuta da hannunsa ta fi duk wadda za ka ƙiyasta. Idan aka samu fayil ɗin SVG, buɗe shi da Notepad, galibi za ka ga launin a rubuce ɓaro-ɓaro:

```
<path fill="#1E7A46" d="..."/>
```

Idan ba a samu ba, a turo maka PNG ko PDF ta hanyar Document, don kada WhatsApp ya sake matse shi. Hoton allon kanti da aka ɗauka da waya kuwa, kada ma ka fara. Hasken rana da kyamara sun riga sun sauya launin.

Idan wannan hoton kaɗai gare ka, ƙara girmansa sosai, ka nemi wurin da koren ya fi faɗi, nesa da rubutu da gefe. Danna I, sannan a sama ka sauya Sample Size daga Point Sample zuwa 11 by 11 Average. Yanzu ɗigo 121 zai haɗa ya ba ka matsakaicinsu. Ka tabbata duk murabba'in yana cikin koren, in ba haka ba fari zai shigo. Gwada wuri uku. Idan lambobin sun yi kusa, ɗauki ta tsakiya ka rubuta ta, daga nan kuma ka daina taɓa hoton. Lambar za ka riƙa bugawa.

Wajen sauya launin ne mutane da yawa ke ɓata aikin. Hue/Saturation jan launi yake yi da ido, ba zai kai ka kan lambar daidai ba. Paint Bucket kuma yakan bar zoben tsohon launi a gefe, wanda sai an ɗora tambarin kan baƙi yake tona asiri. Idan tambarin launi ɗaya ne kuma bayansa babu komai, shiga Layer Style ka zaɓi Color Overlay, ka buga 1E7A46 a akwatin #, Blend Mode ya tsaya a Normal, Opacity a 100%. Gefen zai ci gaba da laushinsa, launin kuma ya rufe ko'ina. Mai launi biyu sai ka raba kowane sashe a nasa shimfiɗin tukuna.

Bayan ka fitar da PNG, sake buɗe shi ka taɓa tsakiya. Ya kamata ka ga lambarka ba ragi ba ƙari. Idan ta goce, duba tsarin launin aikin, domin lamba ɗaya tana ba da launi daban a sRGB da Adobe RGB. Na intanet a sRGB ake yin sa tun farko. Idan kuma tambarin zai je wurin masu buga bana ko kati, ka sanar da mai kantin cewa heks na fuskar waya da kwamfuta ne, injin bugu da tawadar CMYK yake aiki, kore mai haske yakan ɗan dusashe. A buga gwaji ɗaya ya gani da idonsa kafin a buga sauran.